Yadda INDEX da MATCH suke ciro adadin da ke mahaɗar layi da ginshiƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake riƙe da lissafin ciniki a shagon hatsin Alhajinmu. Ina da jadawali a Excel, sunayen hatsi suna jere a gefen hagu, watanni kuma suna sama. So nake in rubuta sunan hatsi a wuri ɗaya, sunan wata a wani wurin, sai adadin buhunan da aka sayar ya fito da kansa. Da VLOOKUP nake yi, amma kullum sai na ƙirga ginshiƙai da hannu na canza lamba. An ce mini INDEX da MATCH suna wannan aikin, na gwada, wani lokaci #N/A nake gani, wani lokaci kuma adadin wani hatsin daban yake ba ni. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Fomular da kake buƙata gajeriya ce, kuma zan ba ka ita tun da wuri, sannan mu bi ta gaɓa-gaɓa, domin wanda ya kwafe ta bai san aikin kowane ɓangarenta ba, ba zai gane ranar da ta ba shi adadin da ba shi ne ba. Don mu yi magana a kan abu ɗaya, ga ƙaramin jadawali na misali, wanda adadinsa ni na ƙaga su don bayani kawai. Ka rubuta shi a sabon shafi, ka fara daga gurbin `A1`.

```
   A         B        C         D      E       F     G
1  Hatsi     Janairu  Fabrairu  Maris  Afrilu  Mayu  Yuni
2  Masara    120      95        140    110     85    70
3  Gero      80       75        90     130     150   160
4  Dawa      60       88        72     64      58    49
5  Wake      45       52        38     41      66    73
6  Shinkafa  200      185       210    190     175   230
7  Gyaɗa     30       27        35     22      19    25
```

A gurbin `I2` ka rubuta Dawa, a gurbin `J2` ka rubuta Mayu, sannan a gurbin `K2` ka shigar da wannan:

```
=INDEX($B$2:$G$7,MATCH(I2,$A$2:$A$7,0),MATCH(J2,$B$1:$G$1,0))
```

Amsar da za ta fito ita ce 58, wato buhunan dawa da aka sayar a watan Mayu. Idan ka goge Dawa ka rubuta Gero, nan take za ta koma 150, ba tare da ka taɓa fomular ba.

Abin da fomular take yi shi ne abin da kai kanka kake yi a littafin ciniki na takarda, inda kake sauko da yatsa ɗaya a kan sunayen da ke hagu har ka isa dawa, ka bi da ɗaya yatsan a kan watannin da ke sama har ka isa Mayu, sannan ka karanta adadin da ke inda suka haɗu. Yatsun biyu su ne MATCH ɗin nan guda biyu, karantawar kuma aikin INDEX ne.

MATCH ba ya dawo da abin da ke cikin gurbi, matsayi kawai yake faɗa, wato abin da ake nema na nawa ne a jerin da aka nuna masa. Abubuwa uku ake ba shi: abin da zai nema, jerin da zai duba, da kuma irin neman da zai yi. Idan ka rubuta `=MATCH(I2,A2:A7,0)` shi kaɗai a wani gurbi za ka ga 3, domin dawa ce ta uku idan aka fara ƙirga daga masara. Ka lura da kyau cewa dawa tana layi na 4 ne a shafin, amma MATCH bai san lambobin da ke gefen shafi ba, daga gurbin farko na jerin da ka ba shi yake fara ƙirgarsa. Haka nan `=MATCH(J2,B1:G1,0)` zai ba ka 5, duk da cewa Mayu yana ginshiƙin `F`, wanda shi ne na shida a shafin. Jerin da ake ba MATCH dole ne ya zama layi ɗaya ko ginshiƙi ɗaya; idan ka ba shi jadawalin gaba ɗaya, `#N/A` zai mayar maka ko da abin da kake nema yana ciki.

Shi kuma INDEX bai san suna ba ko kaɗan, lamba kawai yake ganewa. Ana ba shi yankin da adadin suke, sannan lambar layi, sannan lambar ginshiƙi, a wannan tsari, layi ne farko. `=INDEX(B2:G7,3,5)` na nufin ya shiga yankin `B2:G7`, ya sauka layi na uku, ya matsa ginshiƙi na biyar, ya ɗauko abin da ya tarar, wato gurbin `F4` mai ɗauke da 58. Shi ma daga kusurwar sama ta hagu ta yankin da aka ba shi yake ƙirga. Duk abin da cikakkiyar fomular ta yi shi ne ta cire 3 da 5 da aka rubuta da hannu, ta sa MATCH biyu su riƙa samo su. A nan ne ƙirgar ginshiƙan da kake yi wa VLOOKUP ta ƙare.

Tunda kowanne cikinsu daga farkon yankinsa yake ƙirga, sharaɗin da fomular ta rataya a kansa shi ne yankunan uku su dace da juna. Jerin sunayen hatsi ya fara a layin da yankin INDEX ya fara, ya ƙare a inda ya ƙare: a misalinmu dukansu daga 2 zuwa 7 ne. Jerin watanni kuma ya fara a ginshiƙin da yankin INDEX ya fara, ya ƙare a inda ya ƙare: dukansu daga `B` zuwa `G`. Excel ba ya duba maka wannan, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba idan ka saɓa. Ina kyautata zaton nan ne adadin wani hatsin yake shigo maka, saboda haka bari mu tsaya a kai.

A ce lokacin da kake zaɓen sunayen hatsi ka haɗa da kan ginshiƙin, ka rubuta `A1:A7` a maimakon `A2:A7`. Yanzu kalmar Hatsi ta zama ta ɗaya, dawa ta koma ta huɗu. INDEX, wanda yankinsa yana nan a `B2:G7`, zai sauka layi na huɗu, wanda na wake ne, ya ba ka 66. Babu wata alamar kuskure da za ta fito, kuma 66 adadi ne da hankali zai ɗauka, domin bai yi nisa da abin da aka saba sayarwa ba. Kowane hatsi zai riƙa karɓar adadin wanda ke ƙasansa, kuma gyaɗa ce kaɗai, da yake ita ce ta ƙarshe, za ta tona asirin, domin MATCH zai ce 7 alhali yankin layi shida ne, sai `#REF!` ta fito. Idan kuma a watanni ka yi wannan zamiyar, ka rubuta `A1:G1`, Mayu zai koma na shida, sai a ba ka 49, cinikin dawa na Yuni. Ma'anar `#REF!` a wannan fomula ke nan kusan kullum: lambar da MATCH ya kawo ta wuce iyakar yankin INDEX.

Ba laifi ba ne ka haɗa da kanun, matuƙar ka haɗa da su a ko'ina. `=INDEX(A1:G7,MATCH(I2,A1:A7,0),MATCH(J2,A1:G1,0))` ita ma 58 za ta ba ka, domin duka ukun daga `A1` suka tashi. Wasu sun fi son wannan salon saboda ya fi sauƙin dubawa da ido, kuma ni ma ina ganin hujjarsu. Abin da ba ya yiwuwa shi ne cakuɗa salon biyu a fomula ɗaya.

Akwai wata zamiyar mai kama da wannan, wato juya MATCH ɗin biyu, a sa na watanni a farko, na hatsi a ƙarshe. A misalinmu INDEX zai sauka layi na biyar ya matsa ginshiƙi na uku, ya kawo 210, wanda cinikin shinkafa ne na Maris. Jadawalin da yawan layukansa ya yi daidai da yawan ginshiƙansa, kamar wannan mai shida da shida, ba zai taɓa nuna `#REF!` a kan wannan kuskuren ba. Abin da ya fi haɗari shi ne idan da wake da Afrilu ka gwada fomular, 41 za ka samu ko an juya ko ba a juya ba, domin dukansu na huɗu ne a jerinsu, sai ka tashi da yaƙinin cewa komai lafiya.

Wannan ya sa nake ba da shawarar gwaji guda biyu ga duk wanda ya rubuta irin wannan fomula, kafin ya dogara da ita. Ka nemi hatsi na farko a wata na ƙarshe, sannan hatsi na ƙarshe a wata na farko. A nan masara a Yuni dole ta ba ka 70, gyaɗa a Janairu kuma 30, kuma ka tabbatar da su da idonka a jadawalin. Waɗannan kusurwoyi biyu suna kama zamiyar layi, suna kama zamiyar ginshiƙi, suna kuma kama juyawar MATCH. Kusurwar sama ta hagu da ta ƙasa ta dama ba sa kama juyawar a jadawali irin wannan, shi ya sa ban zaɓe su ba.

Hanya ta uku da adadin wani yake shigowa ita ce barin sifirin da ke ƙarshen MATCH. Sifirin nan yana nufin a nemo abin da ya yi daidai da wanda aka rubuta, idan babu a ce babu. Idan ka bar wurin ba komai, Excel yana ɗauka 1 ka rubuta, kuma 1 wani nema ne daban, wanda yake zaton jerin a tsare yake daga ƙarami zuwa babba, ko daga A zuwa Z. A wannan neman ba ya bin jerin ɗaya bayan ɗaya. Tsakiya yake dubawa, ya yanke hukuncin ko abin yana sama ko yana ƙasa, ya watsar da rabi, ya sake raba abin da ya rage. Sunayen hatsinka ba a jere suke bisa haruffa ba, watanni kuwa ba za su taɓa jeruwa haka ba. Ka gwada `=MATCH("Masara",A2:A7)` a jadawalinmu: masara ce ta farko, amma 3 zai ce maka, domin ya tsallake ta tun a rabawar farko, ya ƙare a kan dawa. Sakamakon haka cinikin masara na Mayu zai fito 58 a maimakon 85. Wasu sunayen za su fito daidai bisa katari, wasu su ba da `#N/A`, kuma wannan rashin tabbas ɗin shi ne yake rikita mutum har ya zaci manhajar ce ta lalace. A neman suna, MATCH biyu kowanne da sifirinsa.

Neman 1 yana da wurinsa, ba don ado aka yi shi ba. Idan kanun layin matakai ne na adadi, misali jadawalin rangwame inda aka rubuta 1, 10, 50, 100 a matsayin mafi ƙarancin buhunan kowane mataki, wanda ya sayi buhu 37 ba ya cikin jerin, kuma abin da ake so shi ne mataki mafi girma da bai wuce 37 ba, wato na 10. A nan MATCH na layi zai ɗauki 1, na ginshiƙi ya riƙe sifirinsa, da sharaɗin matakan su jeru daga ƙarami zuwa babba. Jadawalinka na yanzu ba ya buƙatar wannan.

Yanzu sai `#N/A`. Ita ta fi sauƙi, domin ta fito fili ta faɗa maka cewa ɗaya daga cikin MATCH biyun bai sami abin da aka aike shi nema ba. Matakin farko shi ne gano wanne ne. Ka rubuta kowane MATCH shi kaɗai a gurbinsa kamar yadda muka yi a sama, wanda ya ba da lamba lafiyarsa ƙalau, wanda ya ba da `#N/A` shi za a bincika. Kana kuma iya zaɓar ɓangaren MATCH ɗin a cikin fomular ka danna `F9` ka ga abin da ya kawo, sai dai ka fita da `Esc`, domin idan ka danna `Enter` lambar za ta maye gurbin MATCH ɗin ta zauna dindindin. `Evaluate Formula` da ke ƙarƙashin `Formulas` shi ma yana nuna lissafin mataki-mataki ba tare da wannan haɗarin ba.

Idan an gano wanda ya gaza, galibi dalilin shi ne rubutu biyu da ido yake ganinsu ɗaya amma na'ura tana ganinsu daban. Babban baƙi da ƙarami ba su dame shi ba, DAWA da dawa duk ɗaya ne a wurin MATCH. Tazara ce take damunsa. Wanda ya rubuta Dawa sannan ya danna madannin tazara sau ɗaya kafin ya wuce, ya bar harafi na biyar da ba a gani. `=LEN(A4)` zai tona shi, domin 4 ya kamata ya ce, idan ya ce 5 akwai abin da ya ɓuya. `TRIM` yana share irin wannan tazarar, amma akwai wata iri da take zuwa tare da rubutun da aka kwafo daga intanet, wadda `TRIM` ba ya taɓawa, sai an musanya ta tukuna:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A4,CHAR(160)," "))
```

Gyaran na gaskiya a jadawalin ake yinsa, a tsabtace sunayen sau ɗaya a huta, maimakon a yi ta lulluɓe fomula da dabaru.

Mu masu rubuta lissafi da Hausa muna da ƙarin abin lura. Baƙaƙe masu ƙugiya haruffa ne masu zaman kansu a wurin na'ura, don haka Gyaɗa da Gyada sunaye biyu ne, haka Ƙanzo da Kanzo. Idan jadawalin an rubuta shi a wayar da take da ɗ, kai kuma kana nema a kwamfutar da ba ta da shi, `#N/A` za ka gani. Alhamza ma iri biyu ce, akwai miƙaƙƙiya akwai lanƙwasasshiya, kuma kalmar da aka kwafo daga Word sau da yawa da lanƙwasasshiyar take zuwa. Sannan idan suna ya fara da alhamza, kamar 'Yankaba a jadawalin da kanunsa kasuwanni ne, Excel yana ɗaukar miƙaƙƙiyar alhamzar farkon gurbi a matsayin alamar cewa abin da ke biye rubutu ne, ba ya lissafa ta cikin sunan, sai gurbin ya ƙunshi Yankaba kawai. Wani kuma ya rubuta da lanƙwasasshiya ta zauna a cikin sunan, sai biyun su ƙi haɗuwa.

Maganin duk wannan shi ne a daina rubuta abin nema da hannu. Ka zaɓi `I2`, ka shiga `Data`, ka buɗe `Data Validation`, a `Allow` ka zaɓi `List`, a `Source` ka sa `=$A$2:$A$7`. Ka yi wa `J2` haka da `=$B$1:$G$1`. Daga nan kowane gurbi zai sami ɗan kibiya a gefensa, zaɓa kawai za a riƙa yi, kuma abin da aka zaɓa daga jadawalin aka ɗauko shi harafi da harafi. Wannan ya fi muhimmanci idan ba kai kaɗai kake amfani da fayil ɗin ba, misali idan Alhaji ko yaron shago zai riƙa dubawa a waya.

Kanun watanni suna da nasu tarkon. Sau da yawa abin da ake gani a sama kamar sunan wata, kwanan wata ne na gaske da aka yi wa ado ya riƙa nuna sunan watan kawai. A wurin Excel kwanan wata lamba ce, 1 ga Maris 2024 ita ce 45352, kuma MATCH lambar yake gani, bai ga adon ba. Idan ka rubuta sunan watan da haruffa a `J2`, ba zai taɓa dacewa da lamba ba. Ka danna kan gurbin ka dubi abin da ya fito a sandar fomula, ko ka rubuta `=ISNUMBER(D1)`. Idan ya ce `TRUE`, to kwanan wata ne, kuma dole abin da ke `J2` ya zama wannan kwanan watan daidai, har ranarsa. Haka abin yake idan kanun shekaru ne, inda 2024 da aka ajiye a matsayin rubutu ba ta dacewa da 2024 da aka ajiye a matsayin lamba.

Za ka ji ana cewa a naɗe fomular da `IFERROR` don kuskuren ya daina fitowa. Ina roƙonka kada ka yi haka kafin ka gama gwaje-gwajen da ke sama, domin `IFERROR` yana haɗiye kowane irin kuskure, har da `#REF!` ɗin da ita kaɗai ce za ta gaya maka cewa yankunanka sun zame. Idan ka tabbatar fomular daidai take, kuma kana son saƙo mai kyau ga wanda ya nemi abin da babu, `IFNA` ya fi dacewa, wanda yake akwai tun daga Excel 2013, domin `#N/A` kaɗai yake rufewa. Kuma ka sa ya rubuta kalma, kamar Babu, kada ka sa ya rubuta sifiri, don kada a ɗauka ba a yi ciniki ba ne. Sifirin ma yana da wata kafar shigowa: idan gurbin mahaɗar babu komai a cikinsa, INDEX 0 yake nunawa, sai watan da ba a shigar da lissafinsa ba ya yi kama da watan da ba a sayar da ko buhu ɗaya ba. A harkar ciniki waɗannan abubuwa biyu ne mabambanta, don haka duk sifirin da ya ba ka mamaki ka koma jadawalin ka duba.

MATCH da sifiri yana tsayawa ne a kan na farkon da ya tarar. Idan kana da farin wake da jan wake, amma duka biyun Wake aka rubuta musu, layin na biyu ba zai taɓa fitowa ba, kuma babu gargaɗi. `=COUNTIF(A2:A7,I2)` zai gaya maka sau nawa sunan ya zo. Duk abin da ya wuce 1 yana buƙatar a bambanta sunayen. Idan kuwa da gangan aka maimaita, kuma jimillarsu kake so, akwai wata baiwa ta INDEX da za ta yi maka amfani. Idan aka sa 0 a wurin lambar layi, ginshiƙin gaba ɗaya yake kawowa. Don haka `=SUM(INDEX(B2:G7,0,MATCH(J2,B1:G1,0)))` zai tara duk cinikin Mayu ya ba ka 553, wannan kuma zai tara layukan da suka amsa sunan da ke `I2` kaɗai a watan da aka zaɓa:

```
=SUMIF(A2:A7,I2,INDEX(B2:G7,0,MATCH(J2,B1:G1,0)))
```

Alamomin dala da na sa a fomular farko suna kulle yankunan ne, don kada su motsa idan ka jawo fomular ƙasa. Ba tare da su ba, `B2:G7` zai koma `B3:G8` a layi na gaba, masara ta fita daga jerin, sannan gero, a hankali `#N/A` ta riƙa yawaita yayin da kake sauka. Madannin `F4` yana sa su idan ka danna shi a kan yankin yayin rubuta fomula. `I2` da `J2` kuwa na bar su a sake da gangan, domin su ake so su koma `I3` da `J3`. Idan kuma ƙaramin rahoto kake haɗawa, mai wasu hatsi a hagu daga `I2` da wasu watanni a sama daga `J1`, sai abin neman farko ya zama `$I2`, na biyu `J$1`, ta yadda fomula ɗaya za ta cike rahoton ko ƙasa ka ja ta ko dama.

Kullewar tana da illa guda, wato idan ka ƙara sabon hatsi a layi na 8, a ƙasan na ƙarshe, yankunan suna iya tsayawa a 7, kuma sabon ba zai samu ba. Idan a tsakiyar jadawalin ka cusa layin, Excel yana faɗaɗa yankunan da kansa. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ka danna cikin jadawalin, ka latsa `Ctrl+T`, ka ba shi suna a `Table Name`, a ce Ciniki, sannan ka rubuta:

```
=INDEX(Ciniki,MATCH(I2,Ciniki[Hatsi],0),MATCH(J2,Ciniki[#Headers],0))
```

A nan yankunan uku a dace suke tun asali, domin `Ciniki` da `Ciniki[Hatsi]` layi ɗaya suke farawa, `Ciniki` da kanunsa kuma ginshiƙi ɗaya, kuma duk layin ko watan da ka ƙara a gefen jadawalin yana shiga da kansa. Abin lura ɗaya shi ne `Ctrl+T` yana mayar da kanun sama rubutu, ko da kwanan wata ne ko shekara, saboda haka abin da ke `J2` shi ma ya zama rubutu. Ga watannin da aka rubuta da haruffa kamar naka, wannan ba matsala ba ce.

Idan kwamfutar tana da Excel 2021 ko Microsoft 365, `XLOOKUP` biyu, ɗaya a cikin ɗaya, suna yin wannan aikin, kuma ba sa buƙatar sifiri domin neman daidai shi ne asalinsu: `=XLOOKUP(I2,A2:A7,XLOOKUP(J2,B1:G1,B2:G7))`. Suna da wata fa'ida, cewa idan tsawon yankunan bai zo ɗaya ba, `#VALUE!` suke nunawa a maimakon su kawo adadin maƙwabci. Sai dai Excel 2016 da 2019 ba su san `XLOOKUP` ba, kuma fayil ɗin shago yana yawo tsakanin na'urori, shi ya sa ga aikinka na fi natsuwa da INDEX da MATCH, waɗanda suke aiki a tsoho da sabon Excel, da Google Sheets, da LibreOffice Calc. Idan fayil ɗin zai je hannun abokin ciniki a Maraɗi ko Damagaram mai Excel na Faransanci, zai ga MATCH ya koma `EQUIV`, waƙafin da ke tsakanin ɓangarorin kuma ya koma waƙafi mai ruwa. Manhajar ce take juya su da kanta idan an buɗe fayil, ba sai an gyara komai ba, amma wanda zai rubuta fomular da hannu a irin wannan kwamfutar haka zai rubuta ta:

```
=INDEX($B$2:$G$7;EQUIV(I2;$A$2:$A$7;0);EQUIV(J2;$B$1:$G$1;0))
```